Yadda Muka Rufe Rijiyar Surukina

Ni ban iya rubutu ba. 'Yar ƙanwata ce, wadda take koyarwa a Islamiyya, take zaune gabana da littafi, ina faɗa tana rubutawa. Na ce mata kada ta gyara min magana, in kuma na yi shiru ta jira ni, don har yanzu in na zo kan zancen Malam, mijina, sai kuka ya zo min. Na gaji da ɓoye hawaye, duk wanda ya gani ya gani.

A ƙofar gidanmu akwai rijiya. Mahaifin Malam ne ya sa aka haƙa ta tun kafin a kawo ni gidan, ya ce sadaka ce, kowa ya sha. Ƙauyenmu ƙarami ne, muna cin kasuwar Ajingi, in abu ya fi ƙarfinta mu tafi Gaya, kuma duk wanda ya tashi a garin da ruwan rijiyar nan aka yi masa wankan farko. Tana da zurfi sosai. Da bazara sai ta ja baya, ka jefa guga ka daɗe kana jira ya taso da rabi, ruwan ja-ja. Amma ban taɓa ganin ta ƙafe ƙaf ba. Malam yakan zauna a dakalin zaure da yamma yana kallon masu ja. Na san lissafin da yake yi a ransa: kowane guga lada ne yake tafiya kabarin ubansa.

Akwai kuma burtsatse da gwamnati ta taɓa yi mana a bayan makarantar firamare, da tanki a sama kan ƙarafa. Ya yi aiki kyauta kamar shekara biyu, sai injin ya mutu. Ba wanda ya san na wane ne gyaran, aka bar shi, tantabaru suka mayar da ƙarƙashin tankin gidansu.

Wata bazara sai ga jami'in ruwa daga ƙaramar hukuma ya zo wurin Malam, don shi ne shugaban kwamitin ruwa na gari, kwamitin da ya daɗe ba shi da aikin yi. Na kai musu fura zaure, na ji abin da yake cewa. Wai hukuma ba ta da kuɗin tayar da burtsatsen, amma akwai wani Alhaji ɗan kasuwa daga Gaya da yake so ya shiga haɗin gwiwa da ita, ya gyara da kuɗinsa, ya riƙa sayar da ruwan. Sai jami'in ya rage murya ya ce, “Baba, garuruwa uku aka nuna masa, ɗaya zai ɗauka. Ranar Laraba zai zo ya ga yawan masu neman ruwa. Ka san yadda ake yi.”

Mun sani kuwa. Mu abin da muka saba, in za a zo daga gwamnati, ko rabon taki ne ko gidan sauro, fitowa ake yi da yawa, domin garin da bai nuna buƙatarsa ba tsallake shi ake yi. Malam ya sa mai shela ya zaga. Aka aika rugagen Fulanin da suke sauka kusa da mu da rani, waɗanda ruwan farko yana sauka suke tashi. Aka aika ƙauyukan gefe, masu rijiyoyinsu. Ranar Larabar nan layin jarkoki ya taso daga bakin rijiyarmu har ya wuce masallaci. Ni kaina na ari jarkoki huɗu a maƙwabta, na shiga layi, na koma gida na sauya mayafi na sake shiga. A lokacin dariya muka yi ta yi. Alhajin ya zo da wani mutum mai takarda, suna bin layi suna ƙirgawa. Na ga yana gyaɗa kai.

Abin da ba mu gane ba, wannan ba mai rabo ba ne. Ba mabuƙata yake ƙirgawa ba, masu saye yake ƙirgawa, kuma a kan abin da ya gani ranar zai zuba dukiyarsa.

Bayan mako biyu aka taru a gindin tsamiya a ƙofar dagaci aka karanta yarjejeniyar. Mu tsofaffin mata muna gefe a kan tabarma. Jami'in ya yi bayani dalla-dalla. Burtsatse da tanki na hukuma ne, kuma nata za su ci gaba da zama. Alhaji zai sa sabon inji na cikin ruwa, wanda suke ce wa samo, da farantan sola, da kawunan famfo. Zai sayar da ruwa shekara biyar a kan farashin da aka yanke wa kowace jarka, ya mayar da kuɗinsa ya ci riba. In ciniki ya yi kyau nasa ne, in bai yi ba asararsa ce, hukuma ba ruwanta. Ƙaramin gyara nasa, babban gyara na hukuma. Za a riƙa cire wani abu daga cinikin ana tarawa a asusun gyara. Gari kuma tsaro ne nasa, kada a sace faranti, kada a fasa bututu.

Ina da wani taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, tsohon mai haƙar rijiya ne, bakinsa ba ya hutawa. Shi ne ya ɗaga sandarsa ya ce, “Ranka ya daɗe, a ina ƙaramin ya tsaya, a ina babban ya fara? Ni dai matata in ta fasa randa cewa take yi ƙaramin abu ne, in na fasa moɗa ta ce na kashe gida.”

Aka fashe da dariya. Jami'in ma ya yi, ya ce, “Baba, ai babban gyara in ya zo kowa zai gan shi.”

Aka wuce wurin a haka. Dagaci ya sa hannu, Alhaji ya sa, jami'in ya sa, Malam ya rubuta sunansa da ajami a madadin gari. Ya kawo tasa takardar ya ajiye a akwatin ƙarfe tare da takardun gona.

Ruwa ya zo kuwa, fari tas. Ranar da aka buɗe na tara hannu na sha, na ce ashe haka ruwa yake. Alhaji ya nemi wadda za ta zauna a bakin famfo ta riƙe mukulli ta karɓi kuɗi, aka ce a ba ni, tunda tsohuwa ce kuma matar shugaban kwamiti. Ina zama ƙarƙashin darbejiya daga hantsi, don sai rana ta ɗaga injin yake ja. Sauran kwanakin bazarar nan an sayi ruwa, ko da yake tun makon farko Alhaji ya tambaye ni, “Iya, ina mutanen nan da na gani?” Na ce suna gona, ana sharar daji. Ya ce to.

Da ruwan sama ya sauka sai wurin ya mutu. Fulani sun tashi. Mutanen ƙauyukan gefe dama ba su taɓa dawowa ba. Kowa ya tara baho a ƙarƙashin indararo ya cika randunansa, rijiyarmu kuma ta taso har ana ganin fuska a cikinta. Wa zai ba da kuɗinsa a lokacin da hatsi ya ƙare a rumbu, sabo bai zo ba? Nakan wuni ban buɗe famfo sau goma ba. Waɗanda suke zuwan ma, wata surukata ce, wata daga gidan mai jego ce da ake dafa ruwan wanka safe da yamma, wani na masallaci ne. Da wane baki zan ce su biya? Akwai mita a jikin bututun, ita ba ta san suruka ba, duk ɗigon da ya wuce sai ta rubuta. Alhaji yakan zo ranar Juma'a ya duba mita, ya duba gwangwanin da nake tara kuɗi, ya juya ya tafi. Bai taɓa yi min tsawa ba. Da ya yi ma da na fi samun sauƙi.

Har aka yi girbi aka cire gyaɗa abin bai gyaru ba, don rijiya tana cike. Asusun gyaran da aka ce, ba abin da ya shiga cikinsa, tunda abin da ake samu ko kuɗin mai gadi ba ya kaiwa. Alhaji ya je hukuma ya nemi a bar shi ya ƙara farashi, aka ce takarda ba ta ba da wannan dama ba. Ya nemi a rage masa asara, aka ce ai an karanta masa, ciniki nasa ne.

Sai ya zo wurin Malam. Ina tsakar gida ina tankaɗe, zaure ba shi da nisa.

Ya ce, “Baba, ni ba zan ɓoye maka ba, na kusa ajiye mukullin nan. Ba mai sayen abin da yake samu kyauta a ƙofar gidanka. In ana so famfo ya rayu, sai an rufe rijiya.”

Malam ya ce, “Sadakar mahaifina ce, Alhaji.”

“Na sani. Amma ka ga ruwanta da bazara. Ka ga yaran da ake kaiwa asibiti da gudawa. Na famfo ya fi ta, kai ma ka sani. Shekara huɗu ne suka rage. In na tafi, tankin nan zai koma gidan tantabaru, kuma ba wanda zai sake zuwa.” Sannan ya ce, “Baba, mutanen da na ƙirga ranar nan, 'yan garin nan ne duka?”

Na tsaya da rariya a hannu har Alhajin ya yi sallama ya tafi.

Kwana uku Malam bai ci abincin kirki ba. A na huɗu ya ce min, “Mun cuci mutumin nan. Ni na sa aka yi shela. Dukiyarsa ya zuba a kan ƙaryarmu.”

Na ce, “Ba ƙarya muka yi ba, Malam, fitowa muka yi.”

Ya ce, “Ke sau nawa kika fito?”

Na kwashe kwanukan abincin na fita.

A gaban dagaci ya ba Alhaji magana cewa za a rufe rijiyar, kuma ba za a buɗe ba muddin yarjejeniya tana nan. Aka nemi taubashina ya zuba murfin siminti, ya ƙi. Ya same ni a bakin famfo ya ce, “Ke tsohuwar banza, kin samu ofis kin sa an kashe rijiya. Saura ki sa tabarau.”

Na ce, “Tafi can, kai da ka tsufa a rami kamar gafiya.”

Ya ce, “Gafiyar dai ta san ba a zama da ƙofa ɗaya.” Da wasa ya faɗa, amma bai yi dariya ba.

Wani magini aka ɗauko daga Ajingi ya zuba murfin. Malam bai fito ba ranar. Daga nan kuma ya daina zama a dakalin zaure da yamma, ya koma zama cikin gida.

Ranin nan ciniki ya tashi, gaskiya. Layi ya dawo, masu kura suna cika jarkoki suna kaiwa gidaje, Fulani sun dawo da shanunsu. Alhaji ya fara sakin fuska. Da yake yana so ya cike ramin da damina ta yi masa, sai aka bar injin yana ja tun fitowar rana har faɗuwarta, ba hutu. Can tsakiyar bazara ruwan ya fara zuwa da tari, yana tofar da iska, ya tsaya ya dawo. Na gaya wa Alhaji, ya ce zai turo mai gyara in an samu sarari. Wata ranar Talata da azahar ina zaune sai na ji ƙarar zubar ruwa a tanki ta ɗauke. Muka sayar da abin da ya rage a sama, kafin la'asar famfo ya bushe.

Mai gyara ya zo ya zaro samon, ya shinshina, ya ce ya ƙone. Ruwan ƙasa ne ya ja baya saboda zafi da yawan ja, injin ya yi ta juyawa a bushe. Sai dai sabo, kuma a ƙara bututu a saukar da shi ƙasa.

A nan tambayar taubashina ta dawo. Alhaji ya ce sauya samo babban gyara ne, na hukuma ne. Hukuma ta ce samon shi ya saya, shi ya ƙona shi da rashin kula, nasa ne. Babban gyara a wurinta shi ne in ramin burtsatsen kansa ya rufta ko tanki ya faɗo. Aka buɗe takarda, babu inda aka rubuta ko ɗaya. Babu kuma inda aka ce in an yi saɓani ga wanda zai raba. Asusun gyara ɗan abin da ya taru a ranin bai kai ko'ina ba, ga kayan sun yi tsada ninkin yadda aka saye su. Ana cikin haka aka sauya shugaban ƙaramar hukuma, aka ɗauke jami'in da ya san zancen aka kai shi wani wuri. Sabon da ya zo ya ce shi bai ga fayil ɗin ba.

Malam ya fara zarya. Ya hau bayan babur da sassafe ya tafi sakatariya, ya wuni a kan benci, a ce ya dawo mako mai zuwa. Ya shiga mota zuwa Gaya wurin Alhaji, shi ma ya ce, “Baba, in na saya yau, gobe duk abin da ya lalace ni za a nuna. Ka taya ni matsa musu.” Mutum mai shekara saba'in da wani abu. Yakan dawo ƙafafunsa sun kumbura, in dafa ruwa in gasa masa, ruwan da na saya da tsada daga masu kura da suke ɗaukowa daga wani gari.

Damina ta zo ta rufa mana asiri. Da ta wuce, kududdufai suka fara ƙafewa, sai mutane suka fara zuwa zaure. Da farko da ladabi.

“Malam, a fasa murfin nan mana.”

Ya ce, “Na ba da magana. Kuma in muka fasa, hukuma za ta ce gari ne ya karya yarjejeniya, ta zare hannunta gaba ɗaya. An ce min cikin watan nan za a sa hannu a kan kuɗin.”

Haka ya yi imani. Wata ya wuce, wani ya wuce. Mata da 'yan mata suna tafiya kusan awa guda zuwa ƙauyen gefe, su bi layi a rijiyar mutanen da muka taɓa gayyatowa su cika mana layi. Suna wucewa ta ƙofar gidanmu da tuluna a ka, ta gefen murfin simintin da awaki suke kwanciya a kai. Wasu sun daina gaishe ni. Wata rana na ji wata tana cewa da ƙarfi, don in ji, “An sayar da rijiyar gari an ba matar gida mukulli.” Mukullin yana rataye a ƙusa a ɗakina, ya fara tsatsa.

Na roƙi Malam ni ma. Na ce, “Ka je ka nemi Alhaji ya sake ka daga maganar nan.”

Ya ce, “Na cuce shi sau ɗaya. In sun gyara gobe, rijiya a buɗe, ya koma cikin asarar da ya fito.”

Na ce, “To mu fa? Mahaifinka fa, da ladansa ya tsaya?”

Ban taɓa yi masa magana mai zafin wannan ba a zamanmu. Ya dube ni, ya ɗauki butarsa ya fita. Da na san kwanakin da suka rage masa da na haɗiye ta. Kullum sai na tuna.

Da bazara ya kwanta. Ya dawo daga sakatariya da zazzaɓi, aka kai shi asibitin Gaya, aka ce hawan jini ne da gajiya, aka dawo da shi. Kwana tara ya yi, ya cika. Ba zan ce zancen ruwa ne ya kashe shi ba, kwana ne ya ƙare, Allah ya jiƙansa. Amma ruwan da aka yi masa wanka da shi, a bayan babur aka ɗauko shi cikin jarkoki daga wajen Gafasa, aka sauke a ƙofar gida, taku biyar daga rijiyar ubansa. Ina ɗaki ina jin ana sauke su. Yarinya, dakata da rubutun nan kaɗan.

To. Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Alhaji ya zo gaisuwa da buhun shinkafa, ya tsaya daga bakin zaure ya yi addu'a mai tsawo. A cikin kwanakin nan ne na sa wannan 'yar ƙanwar tawa ta buɗe akwatin Malam ta karanta min takardar, tana juya min ita da Hausa, tun daga farko har ƙarshe. Na ce ta nemo min inda aka yi zancen rijiya. Ta duba sau biyu ta ce, “Inna, babu rijiya a ciki ko sau ɗaya.” Ashe hukuma ba ta ma san an rufe ta ba. Tsoron da Malam yake yi na cewa za a ce gari ya karya yarjejeniya, babu shi a takarda. Maganarsa ce kawai da Alhaji, ta baki, kuma ita ce kaɗai a duk lamarin nan aka riƙe har ƙarshe.

Da na fita takaba aka gama girbi, na aika a kira min Alhaji. Ya zo, ya rame, motar da yake zuwa da ita ma babu, a babur ya zo. Ya durƙusa ya gaishe ni.

Na ce, “Alhaji, wanda ya ba ka magana ya tafi. Ni ban ba ka ba, amma ba na so in buɗe a bayan idonka. Ka sake shi.”

Ya ce, “Iya, wallahi da ya tambaye ni tun bara da na sake shi. Na ɗauka gari ne ya zaɓi jira.”

Na ce, “Shi kuma ya ɗauka kai yake karewa.”

Sai na gaya masa abin da ban taɓa gaya masa ba, na jarkoki huɗu da sauya mayafi. Ya yi ɗan murmushi ya ce, “Na gane ki a karo na biyu, Iya. Na ce a raina tsohuwar nan tana da ƙoƙari. Laifina ne da na zo rana ɗaya, da bazara, na ce na ga kasuwa. Da na dawo da damina na zauna mako guda, da ban sa hannu a haka ba. Ko in sa, amma a rubuta abin da za a yi in ruwan sama ya sauka.” Na tambaye shi farantansa, ya ce suna nan a kan ƙarafa, ba shi da ikon cirewa, sun zama na hukuma, ita kuma ba ta zo ta duba ba.

Washegari na aika wa taubashina. Ya zo da guduma da ɗiyansa biyu, manyan magidanta. Ya dube ni ya ce, “An sallame ki daga ofis ke nan?”

Na ce, “Fasa ka daina surutu, kafin ƙarfin naka ya ƙare.”

Bai rama ba. Ya ce, “Allah ya jiƙan Malam,” ya ɗora guduma.

Da murfin ya buɗe wani wari ya taso, kowa ya ja baya. Taubashina ya hana kowa shiga. Aka bar ta a buɗe kwana biyu, sannan ya ɗaura fitila a igiya ya saukar a hankali, ya ce in ta mutu iskar ciki ba ta da kyau. Ranar farko ta mutu. Suka yi ta zura ganye a igiya suna ja sama da ƙasa suna kaɗa iskar. Rana ta uku fitilar ta kai ƙasa tana ci. Kwana shida suna yasa, suna fito da baƙin laka da saiwoyi, wani gefe ya zube sai da aka ɗaure shi da bulo. Mutanen da suka daina gaishe ni su ne suka riƙa kawo musu kunu. Ba ni da ƙarfin riƙe kowa a zuciya.

Ruwan ya dawo. Ba fari ba ne kamar na famfo, sai an tace an bar shi ya kwanta, kuma na san da bazara zai koma ja. Guga na farko taubashina ya miƙo min. Na kasa sha. Na zuba a butar Malam na kai masallaci na ajiye, wani ya yi alwala da shi.

Tankin yana nan a bushe. Kwanan baya na ji an ce sabon jami'i ya zo wurin dagaci, wai akwai wani ɗan kasuwa daga Kano da yake so ya karɓa, zai zo ya ga yawan jama'a. Dagaci ya aiko a tambaye ni ko takardar Malam tana nan. Na bayar, na ce a gaya masa abu uku ne a bakina: mutumin ya zo da damina ya ƙirga, a rubuta sunan samo a takarda a ce ga mai sayensa in ya ƙone, rijiya kuma ba a taɓa ta. Ban sani ba ko an isar. Jiya dai na ji mai shela yana zagawa yana cewa kowa ya fito da jarkarsa ranar Laraba.

Ni ba zan fita ba, gwiwoyina ma ba za su kai ni ba. Da yamma nakan sa a shimfiɗa min tabarma a bakin zaure, kusa da dakalin da yake zama, in yi ta kallon masu ja har a kira magariba.